Farashi da Buƙata: Yadda Ake Bambanta Tafiya a Kan Layi da Ƙaurar Layi

Layin buƙata zane ne da masana tattalin arziki ke amfani da shi don nuna yawan kayan da masu saye za su ɗauka a kowane farashi, a cikin wani ƙayyadadden lokaci. Ana jera farashi a gefen zanen daga ƙasa zuwa sama, yawan kaya kuma a gindinsa daga hagu zuwa dama. Da yake mutane sukan ƙara saye idan kaya ya yi sauƙi, su rage idan ya yi tsada, layin yakan gangaro ne daga sama ta hagu zuwa ƙasa ta dama. Masanin tattalin arzikin nan na Ingila, Alfred Marshall, shi ya yaɗa wannan zane ta littafin da ya wallafa a 1890, kuma har yau da shi ake koyarwa a makarantu.

Akwai sharaɗi ɗaya da aka gina layin a kansa. Lokacin da ake zana shi, ana ɗauka cewa komai yana nan yadda yake ban da farashin kayan. Kuɗin da ke hannun jama'a bai ƙaru ba bai ragu ba, yawan masu saye bai canja ba, farashin sauran kayayyaki na nan, lokacin shekara ma bai juya ba. Wanda ya riƙe wannan sharaɗi ba zai sha wahalar gane bambancin da ke tsakanin tafiya a kan layi da ƙaurar layin baki ɗaya ba.

Misali daga kasuwar dabbobi

A ɗauki wata kasuwar dabbobi da ke ci mako-mako, a matsayin misali kawai. A ce a makon da babu wani biki, idan matsakaicin rago yana naira 100,000, za a sayi raguna 80. Idan ya kai naira 150,000, za a sayi 50. Idan kuwa ya haura zuwa naira 200,000, raguna 20 kaɗai za su fita daga kasuwar. Waɗannan amsoshi uku, da duk waɗanda ke tsakaninsu, su ne layin buƙatar rago a wannan kasuwa a makon da ba na biki ba.

To, a ce abincin dabbobi ya yi tsada, dusa da harawa sun hau, kuɗin mota ma ya ƙaru, har masu kiwo suka daina sallama rago a naira 100,000 suka koma 150,000. Cinikin mako zai sauko daga raguna 80 zuwa 50. Mahautan da ke zuwa kasuwar su ne dai na da, masu raɗin suna ma haka, aljihunsu bai canja ba, son naman da suke yi bai ragu ba. Tun kafin farashin ya tashi, layin ya riga ya faɗi cewa a naira 150,000 raguna 50 za a saya. Abin da ya faru kawai shi ne kasuwa ta tashi daga wani wuri a kan layin ta koma wani wuri a kan layin dai. Wannan ita ce tafiya a kan layi, kuma abin da ya ragu shi ne adadin da ake saye, ba buƙatar ba.

Dalilin da ya sa farashin kaya ba ya iya gusar da layinsa ke nan: farashin yana cikin zanen tun farko. An zana layin ne domin ya amsa tambayar nawa za a saya idan farashi ya zama kaza, saboda haka duk inda farashi ya je, amsarsa na nan tana jira.

Yanzu a dubi kasuwar nan a makon da ya rage kwanaki kaɗan a yi Babbar Sallah. Magidanta sun cika kara suna neman abin layya, fatake sun zo lodin dabbobi zuwa manyan birane. A ce yanzu a naira 100,000 raguna 500 za a saya, a 150,000 za a sayi 350, a 200,000 kuma 200. Babu ko ɗaya daga cikin tsofaffin amsoshin da ta rage daidai. A kowane farashi, adadin da mutane ke shirye su saya ya ƙaru, don haka dole a zana sabon layi a dama da na farko. Wannan ita ce ƙaurar layi. Lokacin layya ba ya cikin zanen, yana cikin abubuwan da aka ɗauka cewa ba su motsa ba, shi ya sa da ya motsa sai ya tafi da layin gaba ɗaya. Da kwanakin yanka sun wuce, layin zai koma hagu inda ya fito.

Abubuwan da ke sa layi ƙaura

Na farko shi ne kuɗin da ke hannun jama'a. Idan manoma sun sayar da amfanin gona da kaka, buƙatar babura, atamfa da kwanon rufi takan ƙaru ko da farashinsu bai sauka ba. Akwai kuma kayan da sukan yi akasin haka, waɗanda ake komawa gare su idan hannu ya bushe, a bar su idan hali ya samu. Na biyu shi ne yawan masu saye, kamar yadda unguwar da ke kusa da jami'a ke cika da masu neman ɗakin haya idan an koma karatu. Na uku shi ne lokaci da al'ada: sukari, dabino da ƙanƙara a watan azumi, rigunan sanyi da gawayi da hunturu. Na huɗu shi ne abin da mutane ke tsammani zai faru gobe. Na biyar, wanda ya fi rikita mutane, shi ne farashin wani kayan dabam.

Abin da ya faru da tumatir a 2016 ya isa misali a kan wannan na biyar. A shekarar ne tsutsar da masana ke kira Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir a jihohin Kano, Kaduna, Jigawa da Katsina, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir. Kwando ya ninka kuɗinsa sau da yawa, matan gida suka rage zuba ɗanyen tumatir a miya. Ga ɗanyen tumatir, wannan tafiya ce a kan layi, domin babu wanda ya daina son miyar tumatir, tsada ce ta hana. Amma waɗanda suka bar ɗanyen sun koma kan busasshen tumatir da na gwangwani, sai layin buƙatar waɗannan biyu ya gusa dama. Tashin farashi guda ya jawo tafiya a kan layin kayan da ya yi tsada, ya kuma jawo ƙaura a layin kayan da ke maye gurbinsa.

Kayan da ake amfani da su tare kuwa sukan bi ta ɗaya ɓangaren. Bayan Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan naira 500 cikin 'yan kwanaki. Rage shan mai da masu motoci suka yi tafiya ce a kan layin fetur. Raguwar sha'awar manyan motoci masu zuƙar mai kuma ƙaurar layin irin waɗannan motoci ce zuwa hagu.

Yadda ake ganewa a kasuwa

Babu wanda ke ganin layin buƙata da ido. Abin da ake gani shi ne farashi da yawan ciniki, kuma su biyun sun isa su ba da alama. Idan farashi ya hau ciniki ya ragu, ko farashi ya sauka ciniki ya ƙaru, to galibi tafiya ce a kan layi, kuma tushen lamarin yana wajen masu kawo kaya: ɓarnar gona, tsadar sufuri, ko yalwar kaka. Idan kuwa farashi da ciniki suka hau tare, ko suka faɗi tare, to layin buƙata ne ya yi ƙaura. Shi ya sa tsadar rago da yawan sayensa a makon Sallah ba su karya ƙa'idar buƙata ba. Rago 200 a naira 200,000 yana kan sabon layi ne, kuma a kan wannan sabon layin ma da farashi ya sauka da an sayi fiye da haka.

Wannan alama tana da iyaka. Wani lokaci buƙata da yawan kayan da ake kawowa sukan motsa a lokaci guda, kamar shekarar da masu saye suka yi yawa, makiyaya kuma suka cika kasuwa da dabbobi. A irin wannan hali ciniki zai ƙaru, amma farashi yana iya hawa, ko ya sauka, ko ya tsaya, gwargwadon ɓangaren da ya fi ƙarfi. Haka kuma tashin farashi yana iya sa mutane su yi zaton gobe zai fi yau tsada, su ruga su sayi buhunan masara su ajiye. A nan ba farashin yau ne ya gusar da layi ba, tsoron na gobe ne.

Inda kuskure ke jawo asara

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ce tsada ta rage buƙata, raguwar buƙata kuma za ta karyar da farashi. Wannan haɗa abu biyu ne da ba su haɗu ba. Raguwar sayen da tsada ta jawo tafiya ce a kan layi, ba ta da ƙarfin mayar da farashi inda yake a da. Mai jiran tumatir ya yi araha don kawai mutane sun rage saye zai daɗe yana jira, sai sabon tumatir ya shigo kasuwa.

Ga mai sayarwa, bambancin ya shafi jarinsa kai tsaye. Idan cinikinsa ya ragu domin ya ƙara kuɗi, rage farashi zai dawo masa da masu saye. Idan kuwa layin ne ya koma hagu, rangwame ba zai mayar da kasuwa yadda take ba. A misalin kasuwar dabbobi, wanda ya kai raguna bayan Sallah, ko ya karya farashi daga naira 200,000 zuwa 100,000, kasuwar gaba ɗaya raguna 80 za ta ɗauka, alhali a makon Sallah ta ɗauki 200 a kan ninkin wannan kuɗi. Sauran sai ya ci gaba da ciyar da su daga aljihunsa.

Saboda haka, kafin manomi ya ƙara faɗin gona don ya ga wani amfani ya yi tsada, ko ɗan kasuwa ya ci bashi ya cika shago, ya kamata ya fara binciken abin da ya ɗaga farashin. Idan ƙarancin kaya ne na ɗan lokaci, tsadar za ta wuce da zarar kaya sun wadata. Idan masu saye ne suka ƙaru, sai ya duba ko ƙaruwar mai ɗorewa ce ko ta kwanakin biki ce kawai.