"Mun Zo Ba Mu Same Ku Ba": Yadda Kayan Oda Ke Komawa Inda Suka Fito

Wanda ya saba aiko da kaya ta tasha ya san yadda abin yake. Direba zai iso, ya kira ka, kai ka hau babur ka je ka karɓi kayanka. Idan ba ka je yau ba, suna nan a ofishin 'yan kamasho har gobe, har jibi. Sayayya ta waya ta juya wannan tsari: yanzu kaya ne ke zuwa neman mai su. Kuma kayan da ke neman mutum ba su da haƙurin kayan da ke jibge a tasha. A yawancin kamfanonin kai saƙo, sau biyu ko uku kawai za a nemo ka. Daga nan sai a juya da kayan.

Bari mu ƙaddara wata matar aure a unguwar Kurna a Kano. Ran Litinin ta yi odar injin markaɗe daga wani shago a Legas, a kan za ta biya idan kaya sun iso hannunta. A wurin adireshi ta rubuta: "Kurna, bayan masallacin Juma'a, kusa da mai shayi." Ta sa lambar wayarta guda ɗaya. Injin ya yi tafiyar kusan kilomita 1,000, ya kwana a siton kamfani a Kano ran Alhamis. Da safiyar Juma'a aka saka shi cikin jakar mai babur, sai saƙo ya shigo wayarta ɗauke da kalmomin `Out for delivery`, wato kaya sun fito, suna hanyar gidanki yau. Ba ta karanta ba, don saƙonnin talla sun riga sun cika mata waya.

Wajen sha biyu da rabi mai babur ya iso Kurna. Masallacin Juma'a ya fi ɗaya, mai shayi kuwa sai dai a ce wanne. Ya kira, ta ga baƙuwar lamba, ba ta ɗauka ba. Ya sake kira, shiru. An fara shimfiɗa tabarmi a titi, hanya na shirin rufewa, sai ya danna wayarsa ya zaɓi dalili daga jerin da kamfani ya tanada, ya wuce. A shafin bibiyar kayan sai aka ga `Delivery failed`, ko kuma `Delivery attempted`, gwargwadon kalmar da kamfanin ke amfani da ita. An ci ɗaya ke nan, saura biyu.

A nan ne mutane ke cewa, "Haba, ko minti goma bai iya jira ba?" To, a yi lissafi da shi. A ce ya fito da ƙunshi 30, kuma yana da awa 8 na aiki, wato minti 480. Kowane ƙunshi ya tashi da minti 16, kuma a cikin minti 16 ɗin nan ne zai yi tuƙi, ya nemi gida, ya kira, ya jira a fito, a buɗe kaya a duba, a ƙirga kuɗi ko a jira tiransifa ta shiga. Idan ya tsaya rabin awa a ƙofar gida ɗaya, ya cinye rabon mutum biyu, kuma wani da ke can ƙarshen layi, a Rijiyar Lemo ko Bachirawa, shi ne zai kwana bai ga kayansa ba. Ga shi da yawa daga cikin masu baburan nan, samunsu na rataye ne da yawan kayan da suka miƙa hannu da hannu. Zuwan da ba a karɓi kaya ba, mai ya ƙone a banza.

Abin da na lura da shi shi ne, a garuruwanmu lambar waya ita ce adireshi na gaskiya. NIPOST na da lambobin yanki masu alƙaluma shida, kamar 700001 na babban gidan waya na Kano, amma wannan lamba iyakarta ta kawo kaya gari ko shiyya, ba ta san lungu ba. Lunguna da yawa ba su da suna a rubuce, gidaje ba lamba, inda akwai lambar ma fenti ya goge. Abin da ya rage shi ne kwatance, shi kuwa kwatance sai da baki. Saboda haka duk abin da ya kashe waya ya kashe isarwa: caji ya ƙare don ba wuta, layi ba sabis, an kuskure alƙalami ɗaya wajen rubuta lamba, ko an bar wayar a hannun yara. Akwai kuma abin da tsarin kamfani bai san da shi ba sam. Mai babur namiji ne, gidan kuwa "ba a shiga" ne. Ko ya gane ƙofar, sai ya yi sallama ya jira a samu yaron da za a aiko, yaran kuma suna makaranta ko Islamiyya.

Mu koma ga matar Kurna. Tsakanin zuwan farko da na biyu, nan ne duk ƙarfinta yake, kuma nan ne aka fi yin sakaci. A daren Juma'ar injin ya koma sito, an sake ɗaukar lambarsa, an ajiye shi a layin kayan da za a sake fita da su. Idan ba wanda ya ce uffan, na'ura za ta mayar da shi jakar mai babur a ranar aiki ta gaba, da adireshin nan dai, da lambar nan dai. Abin da ya hana jiya shi zai hana yau.

Sauya rana kuwa yana da ƙa'idarsa. Mutane da yawa sukan kira mai babur su ce, "Malam, don Allah ka bari sai Talata," shi kuma ya ce to. Wannan alkawari ne tsakanin mutum biyu, kwamfutar kamfani ba ta ji shi ba. Ran Talata wataƙila wani ne zai fito a wannan layin, ko kuma kafin Talatar an riga an ƙirga zuwa uku. Idan ana so sauyin ya zauna, sai an yi shi inda za a rubuta: a manhajar kamfanin, ko ta mahaɗin da ya zo cikin saƙon waya, ko a kira ofishin kula da masu sayayya a ba su lambar oda. A tambaye su abu biyu kai tsaye: saura zuwa nawa, kuma wace rana ce ta ƙarshe da kayan za su zauna a Kano. A kuma gyara abin da ya jawo matsalar tun farko. A ƙara lambar maigida ko ta wani ƙane mai shago a bakin titi. A tura wa mai babur alamar wuri ta WhatsApp, wadda ta fi kwatance goma. Idan kamfanin na da wurin karɓar kaya, irin waɗanda Jumia ke da su a manyan garuruwa, a nemi a kai can, mutum ya je da kansa lokacin da ya samu sarari. Sai dai a sani, canza adireshi zuwa wata unguwa mai nisa kan ƙara kwana ɗaya ko biyu, domin sai kayan sun koma hannun mai wani layin.

Ita ba ta yi ko ɗaya ba. Ran Asabar an zo tana gidan biki. Ran Litinin ta ɗauki waya, amma kuɗin da ta ware sun tafi gudummawar bikin, ta ce a dawo ƙarshen wata. Mai babur ya rubuta cewa mai kaya ba ta shirya biya ba. Washegari shafin ya nuna `Returned to sender`.

Me ya sa ba za a ajiye mata zuwa ƙarshen watan ba? Da farko, injin nan har yanzu ba nata ba ne. Tunda ba ta biya ba, dukiyar mai shago ce ta Legas, jarinsa ne ke kwance a siton wasu, alhali da yana kan kanta da wani ya saya. Na biyu, siton kamfanin kai saƙo mashiga ce, an gina shi don kaya su kwana ɗaya ko biyu su fita. Duk daren da ƙunshi ya ƙara, ya tare wa wani wuri, kuma haɗarin ɓata, fashewa ko sata na wuyan kamfani. Na uku, kuɗin kawowa da aka sa mata na zuwa ɗaya ne. Na biyu da na uku daga aljihun kamfani ko na mai shago suke fita, ga kuma kuɗin mayar da kaya Legas. Wanda aka nema sau uku ba a dace ba, da wuya zuwa na huɗu ya canza wani abu, kuma a harkar biya-in-ka-karɓa, shiru sau da yawa yana nufin mai oda ya fasa ne, kunyar faɗa yake ji. Irin wannan asara tana cikin abin da ya sa Konga ta dakatar da tsarin biya a hannu a 2017, kafin daga baya ta dawo da shi.

Wa'adin ajiya ba a nan kaɗai ake da shi ba. A Birtaniya, Royal Mail kan riƙe kayan da ba a samu mai su ba kwana 18 kafin ta mayar, gidan wayar Amurka kuma kwana 15 ga yawancin saƙonni. Mai ɗan'uwa a waje da ke jiran aike ta gidan waya, shi ma ya san cewa kayansa ba za su zauna a kanta har abada ba.

Gaskiya dai, ba kullum ne laifin ke wuyan mai karɓa ba. Akwai mai babur da rana ta yi masa, ya ga ba zai kai unguwarku ba, sai ya zauna a inuwa ya danna cewa ya zo bai samu kowa ba. Ana gane wannan. Duba wayarka: in ba kira ko ɗaya a ranar, ko kuwa filashin ne na daƙiƙa biyu, alama ce. Duba lokacin da aka rubuta gazawar: idan ƙarfe tara na dare ne, ko kuma a lokacin kana zaune a ƙofar gida, ka samu hujja. Ɗauki hoton shafin kiran wayarka, ka kai ƙara ofishin kamfanin a ranar, ka nemi kada a ƙirga maka wannan zuwan. Kamfanoni da dama na iya ganin inda wayar ma'aikacinsu take a lokacin da ya danna. Idan ka bari sai bayan an juya da kaya, ƙorafinka ya zama ihu bayan hari.

Da zarar ƙunshi ya hau motar komawa, da wuya a sauke shi a hanya. Wanda bai biya ba, odarsa ta mutu, sai ya sake sabuwa, a farashin ranar. Wanda ya riga ya biya, yawanci sai kayan sun isa wurin mai shago an duba su kafin a fara maganar mayar masa da kuɗi, kuma ba lallai kuɗin kawowa su dawo ba. Wasu shagunan ma sukan rufe wa mai yawan ƙin karɓa damar biya a hannu gaba ɗaya.

Don haka, mai karatu, ranar da ka ga `Out for delivery` a wayarka, ka sa ta a caji, ka tanadi kuɗin a kusa, ka gaya wa mutanen gida ana tafe da kaya. Baƙuwar lamba kuma, a wannan ranar dai, a daure a ɗauka.