Shin Ko Kun San? Dalilin Da Ya Sa Dogon Adireshin Intanet Ke Karyewa A Cikin Imel

Shin ko kun san cewa idan dogon adireshin intanet ya ƙi buɗewa daga cikin imel, galibi shafin da yake kaiwa lafiyarsa lau? A hanya aka raba adireshin biyu, ku kuma rabin farko kaɗai kuka latsa.

Ga tushen abin. Imel ya girmi shafukan yanar gizo, kuma an gina shi ne bisa layi-layi. Tun a ƙa'idar aika imel ta 1982 aka ƙayyade cewa layi ɗaya kada ya wuce haruffa 1,000. Ƙa'idar tsarin saƙo ta 2008, wadda ake kira RFC 5322, ta ce dole layi ya tsaya a haruffa 998, amma an fi so kada ya wuce 78. Me ya kawo 78? Allunan kwamfutar wancan zamani haruffa 80 suke ɗauka a layi, su ma sun gaji adadin ne daga katin huji na IBM na 1928 mai layuka 80 a tsaye. Wato kwalin da aka yanka tun zamanin kakanni shi ne ke datse muku adireshi yau.

Jimla ba ta damu da wannan ba, ko'ina aka samu tazara tsakanin kalmomi sai a sauka layi na gaba. Adireshi kuwa ba shi da tazara ko ɗaya, kalma guda ce miƙaƙƙiya. Manhaja mai kyau takan bar shi da tsawonsa. Mara kyau kuma sai ta ƙirga haruffa ta sa wuƙa.

Mu ɗauki misali. Kun manta kalmar sirri, aka aiko muku da adireshi mai haruffa 89, wanda 32 na ƙarshensa lambar sirri ce ta amfani sau ɗaya. Manhajar da ta aiko tana yanke layi a harafi na 76. Ga abin da zai iso:

```
https://example.com/asusu/sabunta?id=48213&lang=ha&token=9f3c2a7be41d4c08a6b
5d0e7f2c91a34
```

Manhajar da ke wayarku tana gane adireshi ne daga `https://`, ta bi shi har inda ta ci karo da tazara ko ƙarshen layi, nan ta tsaya. Layin sama zai yi shuɗi, haruffa 13 na ƙasa su zauna baƙaƙe kamar ba su da dangi. Kuna latsawa shafin zai buɗe, domin sunan shafin yana nan daram, sai dai ya ce muku lambar ba daidai ba ce ko ta daina aiki. Nan ne mutane ke ruɗewa, su sake neman sabon saƙo, shi ma ya zo a karye a daidai wurin. Alamar ita ce wannan gutsuren baƙin rubutu a ƙarƙashin shuɗin. Ku kwafi layukan biyu, ku haɗa su ba tazara a tsakani, ku liƙa a burauza. Shi ke nan.

Shin ko kun san akwai karyewar da da gangan ake yinta, kuma ba ta cutarwa? Wata hanyar shirya saƙo, da za ku gani a kan saƙon da sunan `quoted-printable`, tana tsayar da kowane layi a haruffa 76, ta sa alamar `=` a ƙarshensa, ma'ana "ci gaba yana ƙasa". Tunda ta ware wannan alama don aikinta, duk `=` na asali sai ta mayar da shi `=3D`. Adireshinmu na ɗazu zai zama haka a hanya:

```
https://example.com/asusu/sabunta?id=3D48213&lang=3Dha&token=3D9f3c2a7be41d=
4c08a6b5d0e7f2c91a34
```

Manhajar mai karɓa takan ɗinke shi ba tare da kun sani ba. Matsala tana tasowa ne idan wani ya kwafo ɗanyen saƙon, ko wata manhaja ta tura shi gaba ba ta warware ba. Duk ranar da kuka ga `=3D` a cikin adireshi, to ga inda ya fito: ku mayar da kowane `=3D` zuwa `=`, ku goge wanda ke ƙarshen layi.

Iyakar 998 ɗin nan fa ba ado ba ce. Masu rubuta manhajar aika saƙo sukan zuba duk saƙon HTML a layi ɗaya mai dubban haruffa. Idan ya isa sabar imel irin Postfix, sai ta karya layin da kanta ta cusa tazara, ba ruwanta da inda wuƙar ta faɗa. Sendmail ma har alamar `!` yake bari a wurin. In ta faɗa tsakiyar adireshi, maɓallin zai fito da kyansa amma ya kai ku shafin da babu shi. A ganina wannan ce mafi muni, domin mai karɓa ba ya ganin komai, gyaran kuma yana hannun mai aikawa.

To me ke kumbura adireshi haka? Mu masu rubutu da Hausa muna da namu kason. Adireshi ba ya ɗaukar ƙ, ɗ da ɓ yadda suke, sai an sauya su: ƙ ta koma `%C6%99`, ɗ ta koma `%C9%97`, ɓ ta koma `%C9%93`. Harafi ɗaya ya zama shida. Haruffan Larabci ma haka, kowanne shida, shi ya sa kanun labari mai haruffa 40 na Larabci kaɗai kan cinye 240 idan an kwafo adireshinsa. Ƙara da jelar bibiya ta 'yan talla mai farawa da `utm_`, wadda za ku iya gogewa shafin ya buɗe yadda yake. Amma kada ku taɓa abin da ya biyo bayan `token=`.

Shin ko kun san ƙa'idar adireshin ita kanta ba ta sa masa iyakar tsawo ba? Manhajoji ne kowacce ta sa tata. Tsohuwar burauzar Internet Explorer ta kasance tana tsayawa a haruffa 2,083, abin da ya sa har yanzu masu gina shafuka ke ƙoƙarin zama ƙasa da 2,000. Sabar Apache kuwa, in ba a sauya mata tsari ba, ba ta karɓar layin buƙata da ya wuce bayit 8,190. Bambancin a nan shi ne sabar ba ta ɓoye-ɓoye, za ta fito fili ta ce `414 URI Too Long`. Idan kun ga 414, adireshin ya iso cikakke, girma ne ya yi masa yawa. Idan kun ga 404 ko "lamba ba daidai ba", fara duba ko an gutsure shi.

Ga mai aikawa: ku ba adireshi layinsa shi kaɗai, kada ku manna masa aya a ƙarshe, domin wasu manhajojin sukan haɗiye ta su ɗauka cikinsa take. RFC 3986 ta 2005 ta ba da shawarar a sa shi tsakanin `<` da `>` don a gane farkonsa da ƙarshensa ko da layi ya karye, sai dai ba kowace manhaja ke mutunta hakan ba. Akwai kuma masu gajarta adireshi irin TinyURL, da ya fara aiki a 2002. Suna maganin karyewa, amma suna ɓoye inda za a kai mutum, kuma ranar da kamfanin ya rufe, adireshin ya mutu tare da shi. Ga saƙon da ya shafi kalmar sirri ko kuɗi, gara a gajarta adireshin tun daga inda aka ƙera shi, ya tsaya ƙasa da haruffa 76.