Yadda ake ciro babi guda daga doguwar takarda a Word ba tare da tsarinsa ya wargaje ba

Ɗalibin da ya rubuta kundin bincike mai shafi 120 a manhajar Microsoft Word, malaminsa kuma ya nemi babi na huɗu kaɗai, yakan kwafi babin ya manna a sabon fayil. Daga nan sai faɗin gefen shafi ya canja, kanun babi ya sauya launi, jadawalin da aka shimfiɗa a shafi na kwance ya koma na tsaye ya tsinke, lambar shafi kuma ta ɓace.

Dalili shi ne Word ba ya ajiye tsarin rubutu a wuri ɗaya. Kaurin harafi yana tare da harafin, tazarar layuka tana cikin alamar ¶ da ke ƙarshen sakin layi, amma gefen shafi, da tsayuwarsa ko kwanciyarsa, da rubutun samansa da na ƙasansa, suna cikin alamar raba sashe, wato Section Break, wadda ke ƙarshen sashen, ba farkonsa ba. Waɗannan alamomi a ɓoye suke sai an danna Ctrl+Shift+8. Wanda ya kwafi babi ya bar alamar da ta rufe shi ya ɗauki kalmomi ne ya bar shimfiɗar shafi a baya. Bugu da ƙari, sabon fayil yana da nasa salon Normal da Heading 1, kuma yana iya ɗora su a kan rubutun da aka kawo.

Saboda haka hanyar da ta fi aminci ita ce a kwafi fayil ɗin dukansa, sannan a cire abin da ba a so. Ana danna F12, a adana shi da sabon suna, a kuma duba saman allo a tabbatar cewa sabon ne a buɗe kafin a goge ko da harafi ɗaya.

Akwai abubuwa biyu da ake yi kafin gogewa. Na farko, a shiga Review a kashe Track Changes, a kuma karɓi gyare-gyaren da ke jira. Idan aka bar shi a kunne, babukan da aka goge suna nan a cikin fayil, duk wanda aka aika wa zai iya karanta su. Ga rahoton ofis mai ɗauke da albashin ma'aikata wannan ba ƙaramin haɗari ba ne. Na biyu, idan babin yana nuni ga jadawalin da ke wani babi ta hanyar Cross-reference, a danna Ctrl+A sannan Ctrl+Shift+F9 domin nunin ya zama rubutu na dindindin. In ba haka ba, da zarar Word ya sabunta shi sai "Error! Reference source not found." ta bayyana a tsakiyar jimla.

Gogewar ta fi sauƙi idan an yi kanun babuka da salon Heading. A View, a kunna Navigation Pane, a danna dama a kan kanun babin da ba a buƙata, a zaɓi Delete. Kanun zai tafi tare da duk abin da ke ƙarƙashinsa. Inda ake tuntuɓe shi ne ƙarshen babi na huɗu. Idan aka goge alamar raba sashen da ta rufe shi, shafukan da ke gabanta za su ɗauki shimfiɗar sashen da ya biyo baya. Idan ratayen da ke ƙarshen kundin a kwance yake, su ma sai su kwanta. Gara a bar alamar, ko da ta haifar da shafi guda fari a ƙarshe.

Saura lambobi. Babin da ya fara a shafi na 67 zai iya komawa na 1. Ana gyara shi a Insert, Page Number, Format Page Numbers, a rubuta 67 a gurbin Start at. Idan lambar babin ta atomatik ce ta koma 1, a danna dama a kanta, a zaɓi Set Numbering Value, a sa 4. Lambobin bayanan ƙasan shafi su ma suna komawa farko, kuma suna da nasu gurbin Start at a ƙarƙashin References.

Ga 'yan sakin layi kaɗan, kwafi da mannawa ya wadatar, muddin an haɗa da alamar ¶ ta ƙarshe, aka kuma zaɓi Keep Source Formatting lokacin mannawa. Idan malamin karantawa kawai zai yi, ba gyara ba, ana iya adana shafi na 67 zuwa 89 a matsayin PDF ta maɓallin Options da ke akwatin adanawa, shafukan su fita yadda suke tare da lambobinsu.