Me ya sa kotu ba ta karɓar "an ce"?

Shaida ya tashi a kotu ya ce maƙwabcinsa ya gaya masa Audu ne ya saci akuya. Alƙali zai ƙi wannan magana, domin sashe na 38 na Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011 ya haramta jita-jita. Maƙwabcin bai yi rantsuwa ba, lauya kuma bai samu damar titsiye shi da tambayoyi ba.

Amma akwai togaciyar da ɗalibai ke haddacewa. Wanda aka soka da wuƙa, ya ambaci mai sukarsa yana ganin mutuwa ta zo, ana karɓar furucinsa bayan ya cika. Haka littafin ciniki na yau da kullum, da maganar mamaci wadda ta ci karo da amfanin aljihunsa.