Lambar Ct: Yadda Ake Karanta Ta da Lissafin Delta Delta

Na'urar qPCR tana kwafar wani ɗan guntun DNA zagaye bayan zagaye, yawanci har sau 40. A kowane zagaye adadin yakan ninka biyu, wani rini da aka zuba a samfurin kuma yana ƙara ƙyalli gwargwadon yawan kwafin. Zagayen da ƙyallin ya tsallake layin iyakar da aka shata shi ake kira Ct.

Lambar tana tafiya ne a juye. Samfurin da ke da DNA mai yawa tun farko yana tsallake layin da wuri, sai lambarsa ta zo ƙarama. Tazarar Ct ɗaya tana nufin ninki biyu, tazarar 3.3 kuwa kusan ninki goma.

Idan ana son sanin ko magani ya ƙara wa wata ƙwayar gado aiki, sai a tsamo RNA, a mayar da shi DNA, sannan a auna. Amma da wuya a zuba samfur biyu daidai wa daida. Shi ya sa ake haɗawa da ƙwayar gado ta ma'auni wadda ake sa ran ba ta canzawa, kamar GAPDH. Livak da Schmittgen ne suka fayyace lissafin a 2001:

```
ΔCt  = Ct(manufa) − Ct(ma'auni)
ΔΔCt = ΔCt(mai magani) − ΔCt(marar magani)
ninki = 2^(−ΔΔCt)
```

A ɗauka ana bibiyar IL6. A samfurin da aka sa wa magani IL6 ta ba da 24.0, GAPDH ta ba da 18.0, wato ΔCt ya zama 6.0. A marar magani an samu 27.5 da 18.5, wato 9.0. Idan aka ɗebe tara daga shida, ΔΔCt ya zama −3, sai ninkin ya fito 2×2×2, wato 8. Da an kwatanta lambobin IL6 kaɗai, tazarar 3.5 za ta nuna ninki kusan 11, alhali rarar ta fito ne daga yawan abin da aka zuba.

Lissafin yana da sharuɗɗa. Wajibi ne ƙwayoyin gadon biyu su riƙa ninkawa kusan daidai, da ingancin kashi 90 zuwa 110 cikin ɗari. Ana tantance haka ta tsarma samfur mataki-mataki a auna. In sun sha bamban, sai a koma hanyar Pfaffl, wadda ke lissafawa da ingancin kowace. Idan kuma maganin ya taɓa GAPDH ita kanta, to ma'aunin ya karkace, dole a sauya shi.

Akan auna kowane samfur sau uku. In lambobin suka rabu da fiye da 0.5, akan zargi kuskuren zubi. Ramin da aka zuba wa ruwa zalla bai kamata ya ba da Ct ba. In ya bayar, akwai gurɓata ko kwafin bogi. Lambar da ta haura 35 kuwa ba a gina hukunci a kanta sai an maimaita gwajin.