Sanarwar taron zumunci da ba ta bukatar "ƙarfe nawa?"

A yawancin gidajen Hausawa yanzu, zauren dangi na WhatsApp ne ya karɓi aikin yaron da ake aika wa gida-gida da saƙo. Sai dai shi yaron ana iya tsayar da shi a yi masa tambaya. Rubutu kuwa abin da aka sa masa shi zai faɗa. Ga irin saƙon da aka saba gani idan Sallah ta ƙarato:

"Salam 'yan uwa. In sha Allahu akwai taron zumunci bayan Sallah a gidan Baba, bayan La'asar. Kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa."

Wanda ya rubuta ya san abin da yake nufi, shi ya sa bai ga giɓi ba. Amma a dangin da kakansu ya bar 'ya'ya maza huɗu, kowane ɗaki yana da nasa Baban. "Bayan Sallah" ma ba rana ba ce. Ganin wata ne ke tsayar da ita, kuma akan yi shekarar da 'yan uwa na Maraɗi za su sauke azumi yau, na Zariya sai gobe. Haka "gobe" da "jibi" suke ruɗa wanda bai buɗe data ba sai bayan kwana biyu. Mafi haɗari shi ne "daren Asabar". A lissafin dattawa dare ne ke riga yini, don haka daren Asabar yana shiga ne da Magaribar Juma'a, alhali yaran yanzu da yawa za su ɗauka yammacin Asabar ake nufi.

Inda aka fi samun ɓacin rai shi ne "abin da ya sawwaƙa". Magana ce ta kara, kuma na san dalilinta: ba a son a takura marar hali. Sakamakonta dai sananne ne. Gwaggo uku su zo da zoɓo, babu wanda ya tuna da tabarmi, kuɗin nama kuma ya faɗa kan yaya ɗaya da ake ganin yana da albashi. Gara a yi lissafi tun kafin a rubuta komai. A ce abinci, ruwa, hayar rumfa da kujeru za su ci naira 240,000, magidanta kuma 16 ne. Kowane gida 15,000 ke nan. Da wannan a hannu, sanarwar za ta koma haka:

"Assalamu alaikum. Iyayenmu sun amince a yi taron zumunci na bana ranar Asabar, 13 ga Afrilu, daga ƙarfe 4:30 na yamma zuwa Magariba, a babban gida na Tudun Wada, Zariya. Kowane magidanci zai ba da naira 15,000, a tura wa Yaya ma'aji daga yau zuwa Juma'a, 5 ga Afrilu. Wanda ya tura ya aika masa da shaida shi kaɗai. Ɗakin Gwaggo babba za su kawo zoɓo da kunun aya, samari kuma su kafa rumfa ƙarfe 2. Wanda abin ya yi wa nauyi ya kira Kawu a keɓe. Kowane gida ya faɗi yawan masu zuwa kafin 5 ga wata."

An haɗa sunan rana da kwanan wata domin idan an yi kuskure a ɗaya, wani zai lura ya yi magana. An ambaci garin, domin Tudun Wada akwai ta a Zariya, akwai a Kaduna, akwai a Kano. Kalmar "naira" ma da gangan aka sa ta: ɗan uwan da ke Nijar da sefa yake tunani, kuma jaka a bakinsa sefa dubu ce. Batun marar hali bai ɓace ba, an dai ba shi ƙofar da zai bi ba tare da idon mutum hamsin a kansa ba. Saboda wannan dalilin ne nake ƙin a riƙa jera sunayen waɗanda suka biya a zaure.

Lambar asusu ta zo a saƙo na daban, tare da sunan banki da sunan mai asusun, don a kwafe ta cikin sauƙi. Ga iyayen da ba sa karatun boko, a karanta musu wannan rubutun a saƙon murya, kalma da kalma, kada a ƙara komai. Sannan mai kula da zauren ya maƙale sanarwar a sama, in ba haka ba addu'o'in Juma'a da hotunan jarirai za su binne ta kafin dare.

Idan wani abu ya canja, kada a tsaya ga "an ɗaga zuwa Lahadi". A sake turo sanarwar gaba ɗaya da sabon kwanan wata, a cire tsohuwar daga sama.