Lambar sirri ta ƙi shigowa: Abin da ke hana manoman Zauro buɗe asusu a waya

Duk mai amfani da babbar waya ya san wannan jiran. Ka gama cike bayananka a manhajar banki ko ta WhatsApp, sai a rubuta maka cewa an turo maka lambar sirri ta saƙon tes, wadda ake kira OTP. Ka zuba wa wayar ido, daƙiƙoƙi suna ƙirgawa, har lokacin ya cika babu abin da ya shigo.

A garin Zauro, da ke kan hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu, wannan jiran yakan zo da asara, musamman a lokacin noman rani, sa'adda manomin shinkafa a fadamar Kogin Rima ke buƙatar kuɗin taki da na fetur ɗin injin ban ruwa a ranar da yake buƙatar su.

Mafi yawan mutane sabis suke ɗora wa laifi. Wani lokacin kuwa laifinsa ne. Amma sau da yawa an tura lambar, ta kuma isa inda aka aike ta. Matsalar ita ce inda aka aike ta ba layin da ke hannun mai jiranta ba ne.

Kwana uku ana jiran saƙo ɗaya

Wani magidanci manomin shinkafa a Zauro ya so buɗe asusu a ɗaya daga cikin bankunan nan na waya, domin ƙanensa da ke aiki a Legas ya riƙa turo masa kuɗin aikin gona kai tsaye, maimakon bi ta asusun mai POS.

Ɗansa ne ya sauke masa manhajar. Da suka shigar da lambar wayarsa, lambar sirri ta farko ta shigo nan take. Suka ci gaba har wurin shigar da BVN, inda manhajar ta ce ta sake turo wata lambar. Wannan ta biyun ce ta ƙi zuwa.

Sun kashe wayar sun kunna, sun cire sim sun goge shi, sun fito bakin titi neman sabis, sun danna maɓallin sake turowa har manhajar ta ce su dakata. Haka suka yi kwana uku.

Wani matashi mai shagon cajin waya ne ya nuna musu abin da idonsu ya tsallake. A ƙarƙashin akwatin da ake rubuta lambar akwai ɗan ƙaramin rubutu da ke nuna layin da aka tura wa saƙon, an rufe tsakiyarsa da taurari, an bar lambobin ƙarshe a fili. Waɗannan lambobin ba na layin da ke cikin wayar ba ne. Na tsohon layin magidancin ne, wanda ya yi rajistar BVN da shi shekaru da dama baya, kafin wayar ta faɗa masa a ruwa ya sayi sabon sim ya manta da wancan.

Dalilin da ya sa ta farko ta zo, ta biyu ta ƙi

Lambobin biyu ba aiki ɗaya suke yi ba. Ta farko tana tabbatar da cewa layin da ka rubuta yana hannunka. Ta biyu tana tabbatar da cewa kai ne mai BVN ɗin, don haka ba a tura ta layin da ka rubuta, sai layin da ke cikin kundin BVN.

Mutum ɗaya na iya samun lambar waya daban-daban a kundi uku. Akwai wadda bankinsa ke turo masa alat da ita. Akwai wadda ke jikin BVN, tsarin da Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a watan Fabrairun 2014. Akwai kuma wadda ya bayar lokacin rajistar katin ɗan ƙasa a Hukumar NIMC.

Sauya ɗaya ba lallai ya sauya sauran ba. Mutum zai iya zuwa banki a mayar masa da alat kan sabon layi, ya shekara yana samun alat lafiya lau, alhali BVN ɗinsa na nan maƙale da tsohon layin.

Mutane da yawa ba su gane haka ba sai bayan watan Disambar 2023, lokacin da Babban Bankin ya umarci a haɗa hatta ƙananan asusun da na manhajojin waya da BVN ko NIN. Daga nan tsofaffin layukan da aka manta da su suka fara tare wa masu su hanya.

Ina tsohon layin yake tafiya?

Layin waya ba gado ba ne. A ƙa'idar Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, layin da ya yi wata shida ba a yi wani abin da ke kawo kuɗin shiga da shi ba, ana dakatar da shi. Idan ya ƙara wasu wata shidan a haka, kamfani na iya sayar da lambar ga wani.

Sannan akwai layukan da aka rufe saboda ba a haɗa su da NIN ba. An fara wannan shirin a watan Disambar 2020, aka kuma saka 14 ga Satumbar 2024 a matsayin wa'adin ƙarshe.

Da ɗan magidancin ya kira tsohuwar lambar, sai wata baƙuwar murya ta ɗauka. Ma'ana duk lambobin sirrin da suka yi kwana uku suna nema, wayar wani da ba su sani ba suke shiga. A nan haɗarin yake: wanda ya gaji lambarka zai iya ganin saƙonnin da aka yi domin kai, idan kuma mugu ne, ya gwada shiga asusunka da su.

Yadda za ka gano inda matsalar take

Kafin ka kashe kuɗin mota zuwa Birnin Kebbi, akwai gwaji uku da za ka yi a zaune.

Na farko, duba lambobin ƙarshe da manhajar ta nuna. Idan ba su dace da na layinka ba, ka daina danna sake turowa, domin ko sau ɗari ka danna can za ta tafi. Idan manhajar ba ta nuna komai ba, danna `*565*0#` a layin da kake zargi. Ana cire ɗan kuɗi kaɗan, kuma BVN ɗinka zai fito ne idan layin shi ne ke jikinsa. Haka `*346#` ke aiki ga NIN.

Na biyu, ka sa wani ya turo maka saƙon tes na yau da kullum. Idan bai shigo ba, matsalar tana wayarka ko layinka. Ƙananan wayoyi masu maɓalli sukan daina karɓar sabon saƙo idan akwatin ya cika, sai an goge tsofaffi. Idan kuma kana cikin fadama inda sabis ke ɗaukewa, saƙon yakan tsaya a cibiyar kamfanin waya yana jira. Zai iya shigowa daga baya, amma lambar sirri mintoci kaɗan take rayuwa, sai ta iso a mace.

Na uku, idan saƙon mutane na shigowa, lambobin ƙarshen ma naka ne, amma na wani kamfani guda ya ƙi zuwa, duba wurin da wayar ke ɓoye saƙonnin da take zargi, wanda a wayoyi da yawa aka rubuta masa Spam. Sannan ka duba ko ka taɓa toshe saƙonnin talla.

A shekarar 2016 NCC ta fito da lambar 2442 domin masu son a daina damun su da talla. Bai kamata wannan ya hana saƙon banki shigowa ba, amma wasu ƙananan manhajoji na tura lambar sirri ta hanya mai araha da ake tura talla, sai toshiyar ta tare ta. Tura `STATUS` zuwa 2442 don ganin matsayin layinka, ko `ALLOW` don buɗe shi.

Ga masu dawo da WhatsApp a sabuwar waya, a tabbata an zaɓi +234 kuma an rubuta lambar daidai. Idan tes bai zo ba, a jira lokacin ya cika a zaɓi a kira ka, murya za ta karanto lambobi shidan. Yawan nema a jere yana tsawaita lokacin jira ne kawai. A manhajoji da dama kuma sabuwar lamba na kashe ta baya, don haka idan uku suka shigo tare, ta ƙarshe ce mai aiki.

Gyaran da ba a yi a waya

Idan tsohon layin bai koma hannun wani ba, hanya mafi sauƙi ita ce welkom bak a ofishin kamfanin waya, inda za a nemi NIN a kuma tantance fuska ko yatsa. Sharaɗin shi ne layin ya kasance da sunanka aka yi masa rajista. A ƙauyuka nan ake yawan cijewa, domin dattawa da mata da yawa na riƙe da layin da ɗa ko miji ko mai sayar da sim ya yi wa rajista da sunansa.

Idan an riga an sayar da lambar, kamar yadda ya faru da magidancin, welkom bak ba zai yiwu ba. Sai dai a sauya lambar da ke cikin kundin. Ta BVN a banki ake gyara ta, ta NIN kuma ta hannun NIMC.

Shi dai ya bar aikin gona ranar wata Litinin ya shiga Birnin Kebbi da takardar NIN ɗinsa. A banki ya cike fom, aka tantance shi, ya kuma fito fili ya ce lambar da ke jikin BVN yake so a sauya, ba ta alat kaɗai ba. Wannan bayanin yana da muhimmanci, domin wanda ya ce kawai a canza masa lamba zai iya komawa gida da rabin gyara. Bayan wasu kwanaki ya danna `*565*0#` a sabon layin, BVN ɗinsa ya fito, lambar sirrin da ta gagara ta shigo cikin daƙiƙoƙi.

Wanda layinsa ke da matsala, ya kai kuka ga kamfanin waya ta lambar 300 ba a share masa hawaye ba, zai iya kiran NCC kyauta a 622.

Masu kira da sunan taimako

Mai jiran lambar da ta ƙi zuwa shi ne ya fi sauƙin faɗawa hannun 'yan damfara. Wani zai kira ya ce daga banki yake, ya ga ana samun matsala, a karanto masa lambar da za ta shigo yanzu don ya gyara. Lambar za ta shigo kuwa, domin shi ne ya nema daga wayarsa da sunanka. Ma'aikacin banki ba ya neman a karanto masa wannan lambar.

Ga wanda ke da layin da BVN ko NIN ɗinsa ke jiki amma ya ajiye shi a aljihun tebur, matakin kariya mai araha ne: ya riƙa saka masa kati yana kira da shi lokaci-lokaci, kada ya bari ya cika wata shida a kwance.